Ruwan shekara ta biyu da ke ɓoye a cikin farashin yau

Darasin da ya fi wuyar zama a kan mai koyon aikin takardun lamuni shi ne cewa layin kuɗin ruwa, wato zanen da ke nuna ruwan kowane wa'adi daga gajere zuwa dogo, yana ɗauke da farashin da ba a rubuta ba. Idan ka san ruwan shekara ɗaya da na shekara biyu a yau, to kasuwa ta riga ta yanke ruwan shekara ta biyu ita kaɗai. Shi ake kira ruwan gaba.

A ce ruwan shekara ɗaya 10% ne, na shekara biyu kuma 12% a kowace shekara, kana da naira 1,000,000. Idan ka kulle kuɗin na shekara biyu, ruwa na hawa kan ruwa, za ka karɓi 1,254,400. Idan kuwa shekara ɗaya ka zaɓa, za ka tashi da 1,100,000, sai ka sake zubawa. Kafin ka kamo wanda ya kulle nasa, dole wannan 1,100,000 ta haifar da 154,400 a shekara ta biyu, wato 14.04%. Wannan shi ne ruwan gaba, f a lissafin nan:

```
f = (1.12)^2 / 1.10 - 1 = 0.1404
```

Mutane da yawa sukan yi tsammanin 12% ko ƙasa da haka. Amma ai 12% matsakaici ne na shekarun biyu. Tunda ta farko ta ba da 10% kawai, ta biyu ce za ta cike giɓin. Lissafi da ka na gaggawa, 12 sau biyu a cire 10, yana ba da 14, ya isa a gane ko an yi kuskure babba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lambar da ake sakawa. Takardun baitulmalin Najeriya da rangwame ake faɗin farashinsu. Rangwamen 10% na kusan shekara yana nufin ka biya wajen 900,000 ka karɓi 1,000,000, ribarka ta gaskiya kenan 11.11%. Saka wannan a lissafin, ruwan gaba ya sauko zuwa 12.9%. Fiye da maki ɗaya ya tafi saboda rashin juya lamba guda! Haka ma takardar da ke biyan ruwa duk wata shida: ribarta zuwa ƙarshen wa'adi ba ita ce ruwan yau na shekara biyu ba, sai an fara tace shi daga farashinta.

Sannan kada a ɗauki 14.04% a matsayin hasashe. Ita ce iyakar da zaɓi biyun ke yin kunnen doki. A cikinta galibi akwai ladan da masu kuɗi ke nema don kulle dukiyarsu na dogon lokaci. Idan kana ganin ruwan shekara ɗaya baɗi zai tsaya a 13%, kulle na shekara biyu ya fi maka. Idan kana ganin zai kai 16%, ɗauki gajeren, ka sake zubawa.