Inda ruwa kan ruwa yake tsayawa: abin da lissafin bashi ya koya mini

A ofishin da nake aikin akanta a Abuja, tambayar da sababbin ma'aikata suka fi yi mini ita ce: idan ana ɗora ruwa a kan bashi kullum, ko ma kowace daƙiƙa, ba zai haura sama babu iyaka ba? Amsar ita ce yana da iyaka, kuma iyakar ta fi kusa fiye da yadda ake zato. Na san da yawanmu ba ma mu'amala da kuɗin ruwa saboda addini, amma lissafin ɗaya ne da na tashin farashi, kuma takardun bashi suna zuwa teburinmu ko muna so ko ba ma so.

A ce uwar kuɗi ₦100,000 ce, ruwan kuma kashi 24 cikin 100 a shekara. Idan sau ɗaya ake ɗorawa, a ƙarshen shekara an sami ₦124,000. Idan aka raba biyu, kashi 12 bayan kowane wata shida, ruwan farko shi ma zai haifi nasa, sai a tashi da ₦125,440. Wata-wata, kashi 2 sau goma sha biyu, ₦126,824. Kullum kuwa ₦127,115. Duk daga ƙa'ida guda suke fitowa:

A = P(1 + r/n)^(nt)

A ita ce jimlar kuɗin da za a tashi da su, P uwar kuɗi, r ruwan shekara (0.24 a nan), n sau nawa ake ɗorawa a shekara, t kuma yawan shekaru.

Abin lura shi ne yadda ƙarin yake raguwa. Daga shekara zuwa wata an ƙaru da ₦2,824, amma daga wata zuwa kwana ₦291 kacal. Dalili kuwa, duk sanda ka yawaita ɗorawa, abin da kake ɗorawa kowane karo ƙanƙancewa yake yi, domin r/n ne. Kamar buhun masara ne da ake aunawa da mudu ko da gwangwani, yawan awo ba ya ƙara masarar. Ɗan ƙarin da ake gani daga ruwan da ya riga ya shiga yake fitowa, wanda ya sami lokacin haihuwa kafin shekara ta ƙare.

Masanin lissafi Jacob Bernoulli ya binciki wannan a 1683, da ruwa kashi 100 cikin 100. Ya duba (1 + 1/n)^n: idan n ɗaya ce a sami 2, idan 12 ce kusan 2.613, idan 365 ce kusan 2.7146, kullum yana matsawa kusa da wata lamba amma ba ya wuce ta. Lambar ita ce 2.71828 da 'yan kai, wadda daga baya wani masanin lissafi, Leonhard Euler, ya ba ta harafin e. Sauran aikin dabara ce ƙarama. Sa m = n/r, sai ƙa'idarmu ta koma P[(1 + 1/m)^m]^(rt). Yayin da n take girma m ma girma take yi, abin da ke cikin babbar baka ya nufi e, sai ya rage:

A = Pe^(rt)

A misalinmu amsar ₦127,125 ce. Tsakanin ɗorawa kullum da ɗorawa babu yankewa, naira goma ce kawai, wadda ba ta sayen komai a kasuwar Wuse.

Inda ake tuntuɓe ba a nan ba ne. Wani matashi da ke bautar ƙasa a wurinmu ya kawo mini hasashen kuɗin kaya na shekara biyar, da zaton farashi zai riƙa tashi da kashi 24 kowace shekara. Kayan ₦100,000 sun zama ₦332,012 a takardarsa. Na ce, "Ƙanena, sa t ta zama ɗaya mu gani." Ya buga, ₦127,125 ta fito. Ya ce, "Yallaɓai, ai 124,000 ya kamata." Nan take ya gane. Wannan kashi 24 ɗin riga an auna shi daga farashin bara zuwa na bana, haihuwar tana ciki, shi kuma ya cusa shi cikin e^(rt) ya sake haifar da shi. Amsar gaskiya 1.24^5 ce, wato ₦293,163. Kuskuren ya kusa ₦39,000, kuma ƙaruwa yake yi da yawan shekaru.

Wanda yake son amfani da e dole ya fara juya adadin da LN, lissafin da yake warware e^x. A Excel, inda EXP(x) yake nufin e^x, ga yadda ake rubutawa:

```
=LN(1.24)
=100000*EXP(LN(1.24)*5)
```

Layin farko yana ba da kusan 0.2151, na biyu kuma ya dawo da ₦293,163 daidai. A ganina amfanin e na gaske a nan yake, domin adadin da aka juya haka tarawa ake yi, ba ninkawa ba. Shekarar da farashi ya tashi da kashi 24 da wadda ya tashi da kashi 10 sun zama 0.2151 da 0.0953, jimla 0.3104, kuma e^0.3104 ita ce 1.364, daidai da 1.24 sau 1.10.