Shekara 16 a takarda, shekara 2 a gaskiya

Ranar da na kai wa malaminmu lissafin aikina na shekarar ƙarshe, ya ɗan jima yana kallon takardar kafin ya ɗago kai ya ce, "Kai, wannan ƙarfen naka shekara 16 zai yi? Wane zafi ka sa a ciki?" Na ce digiri 800 da 700, Malam. Ya miƙo min takardar: "Je ka ƙara 273, ka dawo."

Aikin kan rarrafen ƙarfe ne, abin da injiniyoyi ke kira kirif. In aka ɗora wa ƙarfe nauyin da bai kai ya lanƙwasa shi ba, ana zaton zai zauna haka har abada. A cikin zafi ba haka ba ne. Da zarar zafin ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na inda ƙarfen ke narkewa, a ma'aunin Kelbin, wanda ake samu in an ƙara 273 a kan digirin da muka saba, sai ya soma miƙewa sannu a hankali, wata da watanni, har ya tsinke. Fikafikan tabain, wato farfelar da iska mai zafi ke juyawa, na injin jirgin sama da na tashar lantarki mai amfani da gas su ne suka fi shan wannan wahala, domin ga iska mai tsananin zafi tana dukansu, ga juyin injin yana jan kowane fiffike waje. Fiffike na iya ƙara tsawo har bakinsa ya fara gogar murfin injin.

Na fara ganin abin da idona ne da wayar dalmar masu gyaran rediyo da na sayo a kasuwar Wunti. Ita tana fara narkewa a digiri 183, wato 456 a Kelbin, zafin ɗaki a Bauchi cikin watan Afrilu kuwa yakan kai 35, wato 308. Kashi 68 ke nan, saboda haka a wurinta ɗakina tanderu ne. Na rataye mita ɗaya a ƙusa, na ɗaura mata robar ruwa, na ja layi a bango da fensir. Da farko ta miƙe da sauri, sai ta lafa tana tafiya daidai wa daida, daga baya ta sirance a wuri guda ta tsinke cikin dare, robar ta faɗo ta tashe ni. Matakai ukun da ake koyarwa a aji ke nan, kuma ƙarfen injin ma haka yake yi, illa shi nasa na ɗaukar shekaru.

Gwajin ainihi da ƙarfe mara tsatsa muka yi, don gamin nikel da ake yin fikafikan tabain da shi ya fi ƙarfin aljihunmu. An gurza sanda mai kaurin milimita 5, faɗin fuskarta milimita murabba'i 19.6. Muna son ja na megafaskal 45, wanda ya yi daidai da rataya kilo 90, amma injin gwajin na da liba mai ninka nauyi sau 10, sai muka ɗora kilo 9 kawai. Aka rufe tanderun a digiri 800, agogon awo yana nuna miƙewar.

Sanda ta farko asara muka yi. A dare na biyu aka ɗauke wuta, kafin a tada janareto tanderun ya huce sosai. Na so mu ci gaba daga inda muka tsaya, dattijon da ke kula da wurin ya girgiza kai ya ce, "Yaro, ƙarfen da ya sha sanyi a tsakiyar gwaji ba ya ba da shaida." A ta biyu muka yi karo-karo muka sayi mai, muka raba kwana a tsakaninmu. Ta tsinke a awa 98, na ɗauka 100 don sauƙin lissafi.

To ga tambayar: wannan ƙarfe, da wannan ja, in a digiri 700 zai yi aiki, yaushe zai tsinke? Ba wanda zai zauna jiran shekaru. Dabarar da Larson da Miller suka fitar a 1952 ita ce a musanya lokaci da zafi. A ƙara zafi a gwaji don abin ya faru da wuri, a haɗa zafin da awannin su zama lamba ɗaya, wadda ake ɗauka ba ta canzawa muddin jan bai canza ba:

```
P = T × (C + log t)
```

P ita ce lambar, T zafi ne a Kelbin, t awannin da aka yi kafin tsinkewa, C kuma akan ɗauke shi 20 ga yawancin ƙarafa. Digiri 800 shi ne 1073, log na 100 kuma 2 ne, sai 1073 sau 22 ya ba da 23,606. Digiri 700 shi ne 973. Raba 23,606 da 973 ka sami 24.26, cire 20 saura 4.26, wanda shi ne log na awa kusan 18,200, shekara biyu da 'yan makonni. Ni kuwa da na zuba 800 da 700 tsurarsu, awa 139,000 na samu. Lissafin bai yi gardama ba, ya ba ni amsa mai kyan gani, kuma da wani ya yi aiki da ita, ƙarfen zai tsinke masa da shekara 14 a takarda ba a taɓa ba.

Da na koma, Malam ya ce in gwada 715 maimakon 700. Wato 988. Amsar ta faɗo zuwa awa 7,800. Digiri 15 kacal ya cinye fiye da rabin rayuwar ƙarfen. Nan na tuna wayar awon zafinmu da aka ɗaure a jikin sandar da siririn ƙarfe, kuma ban sake duba ta ba bayan an rufe tanderu. In ta ɗan zame ta koma auna iskar ciki, duk abin da na gina a kai ya karkace. Wannan tasirin na 'yan digiri shi ya sa ake huda ƙananan ramuka a fikafikan tabain ana tura iska mai sanyi ta ciki. Kowane digiri da aka rage awanni ne.

Shi ma 20 ɗin nan ba aya ba ce. Na sa 15 a madadinsa, awa 18,200 ta koma kusan 5,600. Masu yin aikin da gaske ba sa dogara da sanda ɗaya kamar mu. Sukan tsinka sanduna da yawa a zafi da ja daban-daban, su nemi C ɗin da ya fi tara sakamakon a kan layi guda, sannan su bi ƙasan layin saboda sanduna biyu daga ƙarfe ɗaya ba sa tsinkewa a awa ɗaya. Kuma ba sa son hasashe ya wuce kusan ninki uku na gwajinsu mafi tsawo, domin ƙarfen da ya daɗe a wuta cikinsa yana sauyawa, abin da ya kashe shi a awa 100 ba lalle shi zai kashe shi a awa 20,000 ba. Ni daga awa 100 na yi tsalle ninki 180.

Mun yanka guntun da ya tsinke, muka goge shi muka sa a madubin ƙara girma. Kusa da bakin karayar akwai ƙananan ramuka a jere a kan iyakokin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ƙarfen, galibi iyakokin da suka gitta wa jan, wasu sun haɗe sun zama tsaga. Daga nan tsinkewar ke farawa, dalilin da ya sa ake zuba fikafikan injinan zamani su fito ƙwaya ɗaya tal, babu iyakar da rami zai tsiro a kai. A rahoton na rubuta awa 18,200, Malam ya ja layi a ƙasa da jan biro ya ƙara da hannunsa: sanda ɗaya, ba a auna C ba.