Yadda shirin fodkas mai masu sauraro 600 yake biyan kuɗin kansa

A ƙaramin situdiyo irin namu, inda ake naɗar shirye-shiryen fodkas ana tace su, tambayar da masu shiri suka fi yi ita ce mutum nawa za su tara kafin kuɗi ya fara shigowa. Amsarmu kullum ita ce, ga ƙaramin shiri, su wane ne ke sauraro ya fi yawansu muhimmanci. Mu ɗauki shirin Hausa na kiwon kaji, minti 30, sau ɗaya a mako, wanda kowane kashi nasa yake samun sauraro 600 a cikin kwana 30 na farko. Wannan wa'adin ne masu talla suka saba dubawa.

Manyan shirye-shirye suna sayar da talla ne a kan kowane sauraro dubu, abin da ake rubutawa CPM. Idan ƙaramin shiri ya bi wannan hanya, ya cuci kansa. Kashi huɗu a wata sauraro 2,400 ke nan. Ko da an biya naira 5,000 a kan kowane dubu, abin da zai shigo naira 12,000 ne, wanda ba zai biya data da mai tace sauti ba. Saboda haka sai a juya lissafin ya koma ta ɓangaren mai kayan da za a tallata. Kajin nama 200 za su ci abin da ya kai buhu 30 ko fiye, mai kilo 25, kafin su isa kasuwa. A ce mai sayar da abincin kaji yana cin ribar naira 1,000 a buhu. Idan ya biya naira 60,000 a wata, masu kiwo biyu kacal da suka koma saye a wurinsa sun mayar masa da kuɗinsa a zagaye ɗaya, kuma za su dawo a zagaye na gaba. Wannan lissafi ake kai masa a takarda ɗaya, tare da hoton alƙaluman shirin daga Spotify for Creators ko YouTube Studio. Kada a ƙara ko ɗaya a kan abin da ke allon.

Wanda za a nema shi ne wanda masu sauraron suke saye a hannunsa dama: dillalin 'yan tsaki, mai abincin kaji, mai shagon magungunan dabbobi, mai ƙera keji. Babban kamfani ba zai waiwayi mutum 600 ba, amma mai shago a gari ɗaya da su zai saurara. A ƙulla yarjejeniyar wata uku a rubuce, a karɓi kuɗin kowane wata kafin a saka tallan. Wata ɗaya ya yi kaɗan, domin mai kiwo ba ya sauya dillali sai kajin da ke hannunsa sun fita. A rubuta abin da mai ɗaukar nauyin zai samu dalla-dalla: ambaton daƙiƙa 15 a farko, tallan daƙiƙa 45 zuwa 60 a tsakiya da bakin mai gabatarwa, da sunansa a kan gajerun bidiyon makon.

Inda yarjejeniya ta fi mutuwa shi ne wata na uku, lokacin da mai shago zai ce bai ga wani canji ba. Sau da yawa canjin ya zo, shaida ce babu. Maganinta a ba masu sauraro wata kalma da za su faɗa a shago su sami ragin naira 200 a buhu, a ajiye littafi a kan kantar shagon ana rubuta duk wanda ya faɗe ta. Idan bayan mako shida littafin fayau yake, a duba jadawalin da ke nuna inda mutane suke barin shirin. Wanda ya ajiye talla a minti na 25 alhali rabin jama'a sun tafi tun minti na 15, ga laifin nan a fili, sai a dawo da shi wajen minti na takwas.

Akwai tallan da ba a karɓa ko nawa aka bayar. Maganin da ba shi da lambar NAFDAC ba ya shiga shiri, kuma a Najeriya dokar hukumar kula da talla, ARCON, ta 2022 ta tanadi a tantance talla kafin a fitar da shi, don haka a tambayi mai kaya takardarsa tun farko. A kuma faɗa wa masu sauraro ƙarara cewa wannan talla ne. Mutum 600 da suka yarda da kai su ne jarin gaba ɗaya, kuma idan kajin mutum ɗaya suka mutu saboda abin da ka tallata, labarin zai zaga zaurukan masu kiwo kafin kashi na gaba ya fita.

Gudummawar masu sauraro kuwa, mu da mutum biyu ko uku a cikin ɗari muke lissafi, don kada a ɗora buri a kan abin da ba zai zo ba. Mutum 18 a kan naira 2,000 a wata naira 36,000 ke nan. Roƙon "ku taimaka wa shiri" yana kawo kuɗi sau ɗaya ne. Abin da ke riƙe mutane shi ne zauren WhatsApp ko Telegram na masu biya kaɗai, da zaman tambaya da amsa da likitan dabbobi sau ɗaya a wata. Shirin kansa a bar shi kyauta, domin da shi ake samun sababbin mutane. Wahalar tana wajen karɓar kuɗin. Paystack yana iya cire kuɗi daga kati kowane wata, amma da yawa sun fi sakewa da turawa ta asusu, ita kuma ba ta maimaita kanta. Sai a tsayar da rana ɗaya ga kowa, a tura tunatarwa kwana uku kafin ta, a ba wanda ya biya wata uku a haɗe ragi. Wanda bai biya ba a yi masa magana a keɓe kafin a cire shi.

Gajerun bidiyo su ne ke kai shirin inda bai taɓa zuwa ba, shi ya sa ko shirin sauti ne a kafa waya tana ɗaukar hoto. Yayin naɗi wani ya riƙa rubuta mintin da aka faɗi abu mai amfani. Daga kowane kashi a ciro uku, kowanne ƙasa da minti ɗaya, a tsaye, girman 1080 da 1920. Kowanne ya amsa tambaya guda, kamar yadda ake gane zafi ya yi wa 'yan tsaki yawa idan suka watse suka guje wa fitila suna haki. A fara da amsar kai tsaye, a bar sallama da gabatar da baƙo, domin mai kallo yana wucewa kafin a gama gaisuwa. Rubutun ƙasan bidiyo da hannu za a yi shi, kuma a gwada salon harafin da ɓ da ɗ da ƙ kafin a fitar, saboda a wasu salon, akwati ne ke fitowa a gurbinsu. Waƙar wani ba ta shiga ciki, domin tana jawo a kashe sautin ko kuɗin ya tafi ga mai ita. Baƙo ma a nemi izininsa tun kafin naɗi cewa za a yanka maganarsa kuma tambarin mai talla zai hau kai.

Kada a jira kuɗin dandalin. YouTube yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90, kafin ya raba kuɗin talla. Kuɗin da ke kusa shi ne na mai ɗaukar nauyi, wanda zai so ya saka bidiyon a shafin shagonsa. Wannan izini daban ne da kuɗinsa daban, a ce naira 15,000 a wata, kuma ya ƙare ranar da yarjejeniya ta ƙare.

Idan aka haɗa kuɗin talla, gudummawar masu sauraro da izinin bidiyo, an sami naira 111,000 a wata. Daga ciki za a cire ladan mai tace sauti da bidiyo, data, wuta, da alawus ɗin likitan. A ware kuɗin waɗannan kafin a faɗa wa mai talla farashi, domin yanka bidiyo goma sha biyu a wata da rubuta musu kalmomi da hannu yakan ci lokaci fiye da naɗar shirin kansa.