Takardar da muke mannawa a ƙofar sito

Duk ginin da kamfaninmu ya karɓa a Kano, kafin a haƙa tushe sai mun cika wata takarda da muke kira rajistar haɗari. An raba ta gida biyar: abin da muke tsoron ya faru, yiwuwar faruwarsa, girman ɓarnarsa, matakin da za mu ɗauka, sai sunan mutumin da abin ke wuyansa. Gida na biyu da na uku lamba muke ba su, daga 1 zuwa 5, mu ninka su. Abin da ya kai 15 da jan biro ake rubuta shi, kuma ni da kaina nake bin sa kowace safiya.

Ga misali daga zuba dakin, wato kankaren rufin bene, a watan Agusta. A gidan farko ba ma rubuta "matsalar siminti", don wannan bai gaya wa kowa komai ba. Abin da muke rubutawa shi ne: siminti ya yanke ana tsakiyar zuba. Yiwuwa 4, domin dillalan nan sai su rantse maka mota ta taso, alhali ko lodi ba a yi ba. Ɓarna 5, domin idan kankaren farko ya fara kamawa kafin a ɗora sabo, mahaɗar ba ta haɗuwa sosai, kuma ta nan ruwa zai riƙa yoyo shekara da shekaru. Maki 20 ke nan. Mataki kuwa, a sauke dukkan buhunan kwana biyu kafin ranar, a jera su kan katako, a rufe da tamfol, a ƙirga. Ba a kiran ma'aikata sai mai sito ya sa hannu.

Gida na biyar ne ya fi min muhimmanci. A wurin wani tsohon injiniya na koya, lokacin ina yaron aiki ina riƙe masa tef. Da rula yake zana tasa, kuma idan ya ga an rubuta "ofis" ko "leburori" a wurin suna sai ya soke. Mutum ɗaya yake so, da sunansa, wanda za a kira ya amsa. Haka muke yi har gobe. Rodin da aka sayar mana a matsayin milimita 12, mai ɗaura rodi ne ke auna kaurinsa tun yana kan mota, in bai cika ba a mayar.

Yanzu wasu masu karya farashi sun fara kwafar teburin suna cusawa cikin takardun neman kwangila, komai maki 3, babu suna ko ɗaya. Mai gida kuma ya zo yana ce min, "Alhaji, wancan ya rage min kuɗi." Sai in buɗe tamu in nuna masa layin da kuɗin tamfol da katakon ya fito. Kowace Asabar muna zama mu sake duba makin, don haɗarin ruwan sama da yake 5 a Agusta yakan koma 1 a Disamba.