Hular Kawu ta koya min lissafin fiksal

'Yan uwa masu koyo, ga inda na kwana wannan satin. Hoton kawuna ne na ranar Sallah, na ɗauka a gidansa a Tudun Wada nan Gombe, 4000 da 6000 fiksal, komai zam-zam sai hular, zufa ta yi mata tabo a gefe ga ninkin ya karkace. Na ce bari in shafe hular kaɗai a sake zana ta da SDXL, injin AI mai zana hoto.

Karon farko na bar saitin wurin da za a zana a Whole picture, ashe hoton gaba ɗaya yake matsewa zuwa girman da ka rubuta, nawa ya dawo 832 da 1216, har furfurar gemun Kawu da ban taɓa ba ta narke. Wannan kam gangancina ne, na koma Only masked, mai aiki a kan wurin da ka shafe kaɗai.

To a nan ne abin ya ban wahala. Fuska ta tsira amma hular ta fito dishi-dishi, a waya ba za ka gane ba wallahi, sai da na kai zum 100% na ga gashin gira ɗaiɗai ana ƙirgawa, sama da shi kuma zaren hula ya dame kamar kunu. Na zauna na yi lissafi. Faɗin wurin da na shafe 1800 ne, ƙara 32 na Only masked padding kowane gefe ya zama 1864, shi kuma injin sai ya yanko wurin ya matse shi zuwa 1024 ya zana sannan ya ja shi ya mayar, ka ga kowane fiksal an sa shi aikin kusan biyu kenan, ina kaifi zai fito?

Sai na raba hular gida uku, kowanne wajen 700, suna ɗan hawa kan juna. Yanzu lissafin ya juya, 764 ake ƙarawa zuwa 1024 a zana a rage, zaren ya fito rangaɗau. Denoising strength, wato yawan canjin da injin zai yi, na tsaya a 0.45, da na gwada 0.7 kowane yanki nasa zanen ya ƙirƙiro, hula ɗaya ɗinki uku, na yi ta dariya ni kaɗai. Mask blur kuma, mai tausasa bakin wurin da aka shafe, 4 ya yi kaɗan a hoto mai girma haka, layi na fitowa a goshi, 12 ya ɓoye shi.

Duk da haka wurin ya yi sumul fiye da sauran hoton, don a ISO 800 na ɗauka, akwai ɗan tsaki-tsakin kyamara ko'ina banda hular. A Photoshop na ware hular a leyarta daban na sa Add Noise 1.5%, Gaussian, Monochromatic, sai ta saje.

Na ajiye a PNG. Gobe zan kai a buga 12 da 18 inci, a filash zan kai ba ta WhatsApp ba, don in ba a matsayin dokumen ka tura ba matse shi yake yi. Gefen kunnen hagu dai har yanzu bai gamsar da ni ba.