Shekarar da na yi ina zuwa aiki Garwa daga Pitowa

A farkon 2023 na kwashe iyalina daga unguwar Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru, muka koma Pitowa. Aikina shi ne riƙe sito a wani shagon sari kusa da babbar kasuwa: ni ke ƙirga buhunan shinkafa da katan-katan na mai da sabulu idan sun shigo, ni ke rubuta su idan sun fita. Mutumin da ƙirga ce sana'arsa, sai ga shi ya yi kuskuren lissafin gidansa, kuma har yau abin yana damuna.

A Yelwa ina biyan sefa 35,000 a wata na ciki da falo, banɗaki da famfo muna tarayya da gida uku. A Pitowa na sami ɗaki biyu da tsakar gida mai bishiyar darbejiya a kan 15,000. Tazarar kusan kilomita 15 ce a kan titin Marwa, kuma ina da babur. Zuwa da dawowa da ɗan zagayen cikin gari suna cin lita ɗaya a rana. A lokacin ina sayen zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi, a kan 400. Kwana 26 nake aiki a wata, man ya kama 10,400 ke nan. Na cire daga 20,000 da na rage a haya, na ga saura 9,600, na faɗa wa uwargida cewa mun sami na cefane. Iyakar lissafin da na yi ke nan.

Abin da ban saka ba shi ne babur ba fetur kaɗai yake sha ba. Da ina Yelwa sai in yi wata biyu ban canza baƙin mai ba, don da ƙafa nake zuwa aiki. Yanzu ina yin kusan kilomita 800 a wata, dole in canza shi kowane wata, ga faci, ga sarƙa da take sakewa, ga tayar baya da ta suɗe kafin damina ta ƙare. Da na raba kuɗin duka a kan watanni sai ya tashi kusan 4,000. Sai abincin rana. A da ana idar da sallar azahar nake takawa gida in ci abin da aka dafa wa kowa. Daga Pitowa kuwa sai dai in zauna wurin mai shinkafa da wake, in biya 500. Ko na cire abin da da zan ci a gida, ƙarin bai gaza 300 a rana ba, wato 7,800 a wata. A haɗa 10,400 da 4,000 da 7,800, an sami 22,200. Tun watan farko ina asarar 2,200, ni kuwa ina ganin riba nake ci.

Dalilin da ya sa ban farga ba shi ne yadda kuɗin yake fita. Haya dunƙule take fita, ranar da za ka miƙa wa mai gida 35,000 sai ka ji ta har cikin ƙirji. Kuɗin hanya kuwa ɗari huɗu ne yau, ɗari biyar gobe, ba ranar da zai yi maka zafin da za ka zauna ka rubuta shi. Alamar da ya kamata ta tashe ni ita ce, duk 20 ga wata aljihuna ya bushe kamar yadda yake bushewa a Yelwa, alhali hayar ta ragu da fiye da rabi.

Sai aka zo ranar 29 ga Mayu 2023, sabon shugaban Najeriya ya ce an cire tallafin mai. Mu da muke arewacin Kamaru mun ji maganar a jikinmu cikin 'yan kwanaki, domin zuwa-zuwa daga can yake tsallakowa. Yaron da nake saye wurinsa a bakin hanya ya ɗaga kwalba ya ce, “Yaya, yau 700 ne, wallahi ni ma haka na saro.” Gidan mai ba mafaka ba ne, tun watan Fabrairun shekarar gwamnatin Kamaru ta ɗaga lita daga 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 kuma ta kai 840. Man wata ya koma 18,200, jimillar kuɗin hanya 30,000. Gidan 15,000 ya zama gidan 45,000, ya fi wanda na gudu tsada da 10,000. A nan na gane babban bambancin da ke tsakanin kuɗaɗen biyu. Haya kun yi magana da mai gida, ta zauna a haka shekara guda ko fiye, in zai ƙara sai ya sanar da kai. Kuɗin hanya ba wanda ya yi maka alkawari a kansa, shawarar da aka yanke a Abuja ko Yawunde tana iya kusan ninka shi a cikin mako ɗaya.

Lokaci kuma ya fi kuɗin ciwo. Makullin sito a hannuna yake, motar kaya kuma ba ta da agogo. In ta iso ƙarfe biyar, ba a gama sauke ta sai bayan isha'i, sannan in kama titin da manyan motoci ke bi da dare, fitilarsu tana kashe ido. Azumin shekarar ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce 40, kuma sau da yawa a gefen titi na sha ruwa da dabino biyu da ruwan leda. Wata safiya a Agusta aka wayi gari da ruwan sama, na isa ƙarfe tara, masu sari sun jeru a ƙofar sito suna jira. Alhaji mai shagon bai yi faɗa ba, ya dai ce, “Malam, daga yau bar makullin wurin ƙaramin yaron nan, shi yana kusa.” Ban taɓa jin nauyin magana kamar wannan ba, don na san abin da riƙe makulli yake nufi a wurin aikinmu.

Ba na cewa Pitowa ba wurin zama ba ne. Maƙwabcina direba ne, sau biyu a mako yake shiga gari, yana da gonar masara a bayan gida, matarsa tana kasa kaya a kasuwar Lahadi. Shi nisan bai ci masa komai ba, domin rabin abincinsa a can yake. Ni kuwa barci kawai nake zuwa yi, yara na barci in fita, suna barci in dawo.

Dawowa cikin gari ma sai da ta ci kuɗi. Mai gidan da na samu ya ce sai na biya wata uku gaba, ɗan kamasho ya karɓi nasa, ga kuɗin motar kwashe kaya karo na biyu. Sai da na shiga adashe wata biyar kafin na haɗa. Wannan karon na ɗauki littafin sito na fita da shi, na rubuta haya, na rubuta tafiya sau biyu a rana na kwana 26 a kan farashin gidan mai, na ƙara abincin rana da gyaran babur, sannan na taka da ƙafa daga ƙofar gidan zuwa sito ina duba agogo. Minti 18 ne. Hayar 38,000 ce, ɗakin ya fi na Pitowa ƙanƙanta, kuma uwargida tana yawan tuna inuwar darbejiyar nan idan Afrilu ya kama. Makullin ya dawo hannuna wata biyu bayan mun tare.