Wa Ya Faɗi Me a Taron Manema Labarai: Shawara ga Ƙannena Masu Ɗaukar Murya

Ƙannena da kuka fara wannan aiki, yawancin tarukan manema labarai da za a aike ku, a Yamai ko a Tawa, kashi biyu ne: jawabin da aka rubuto daga ofis aka karanta, sai kuma tambayoyi da amsoshi. Jawabin ba ya cika ba da wahala, domin mutum ɗaya ne ya karanta shi, kuma sau da yawa akan raba takardarsa. Wahalar tana cikin tambayoyi da amsoshi, inda makirfo ke yawo daga hannu zuwa hannu, wani ya fara amsa wani ya ƙarasa, a shiga Faransanci a fito da Hausa, mai tambaya kuma ya cusa ra'ayinsa cikin tambayar. A nan labari yake, kuma a nan ne ake ɗora wa mutum maganar da bai yi ba. Na taɓa yin haka, shi ya sa nake son in bi da ku ta wannan wuri dalla-dalla.

An kira taro a Tawa kan takin masu noman rani, daf da lokacin dashen albasa a yankunan Galmi, Madawa da Ƙonni. Mutum uku ne a kan teburi: wani darakta, da mataimakinsa mai kula da rabon kaya, da shugaban wata ƙungiyar manoma. Na ajiye na'urata a gabansu na koma baya na zauna, ban rubuta komai ba, domin a ganina na'ura ta ɗauke mini aikin. Da na dawo na saurara, sai na ji wani wuri da ake cewa taki ba zai iso ba sai bayan dashe, na kuma ji murya daga teburi ta amsa da "e". Na rubuta cewa darakta ya tabbatar taki zai makara, aka karanta shi a labaran dare, washegari manoma suka riƙa sayen na kasuwa da tsada saboda abin da suka ji daga gare mu.

Da ofishin ya yi ƙorafi muka sake sauraro tare da edita, sai na ga kuskure uku ne a jimla ɗaya. Maganar makara ba ta fito daga teburi ba, tana cikin tambayar wani abokin aiki wanda ya zauna kusa da na'urata, shi ya sa muryarsa ta fito sosai kamar ta mai jawabi. Wanda ya amsa kuma mataimaki ne, ba darakta ba. Muryoyinsu sun yi kama, ni kuwa ban san lokacin da makirfo ya sauya hannu ba. Na uku, wannan "e" ɗin ba amincewa ba ce, irin wadda mutum ke yi ce don nuna ya ji tambaya, kuma abin da ya biyo bayanta shi ne cewa kashin farko yana cikin sito, kashi na biyu ne zai iya jinkiri idan motoci ba su taso cikin makon ba. Ni na tsayar da sauraro kafin ya kai ga wannan sharaɗi, domin na riga na samu abin da nake so in ji.

Abin da ya kamata in rubuta shi ne: mataimakin darakta mai kula da rabon kaya ya ce kashin farko na taki yana cikin sito, amma da aka tambaye shi ko za a makara, ya ce kashi na biyu zai iya jinkiri idan motoci ba su taso cikin makon ba. Jimlar ta fi tsawo, ba ta kuma da armashin waccan, amma tana ɗauke da mai magana da muƙaminsa, da tambayar da ta jawo maganar, da sharaɗin da ya gindaya. Duk wadda kuka cire daga cikin waɗannan ukun, maganar ta zama ta wani.

Gyaran yana farawa ne tun kafin a buɗe taro. Ku je teburi ku karɓi cikakken sunan kowane mai magana da muƙaminsa, ya rubuta muku da hannunsa in ya yarda, domin wanda aka gabatar a matsayin shugaba yana iya zama mai riƙon ƙwarya ne, kuma takardar gayyata takan zo da sunan wanda a ƙarshe wakili ya aiko. Ku zana teburin a littafinku, ku ba kowa lamba daga hagu zuwa dama. Idan aka fara, ku zauna inda kuke ganin agogon na'ura, ko ku kunna agogon salula tare da ita, duk sanda makirfo ya sauya hannu ku rubuta minti da lambar mutumin: 23:10, na biyu, amsa kan makarar taki. Na'ura tana riƙe kalmomi, amma ba ta ganin fuska, kuma abin da idonku bai rubuta a zauren ba, kunnenku ba zai iya maido shi daga baya ba.

Da kun dawo, kada ku fara da rubuta labari, kada kuma ku ɓata lokaci wajen kwafe taron duka kalma da kalma, domin taron awa ɗaya zai cinye muku yini. Ku saurare shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba, kuna cika takarda mai gida huɗu: minti, mai magana, tambayar da ake amsawa, da abin da ya ce a taƙaice. Daga wannan takarda ake zaɓe. Rahoton rediyo na minti ɗaya da rabi ba ya ɗaukar fiye da magana uku ko huɗu, don haka nakan tambayi kowace magana: sabuwa ce, ko an riga an sani? Za ta sa mai sauraro ya sauya abin da zai yi gobe? Wanda ya faɗe ta yana da hurumin faɗar ta? Wannan ta ƙarshe ita ake yawan mantawa. Idan shugaban manoma ya ce farashi zai sauka, fata ne ko hasashe; idan wanda ke tsayar da farashin ne ya faɗa, sanarwa ce. Gaisuwa ga manyan baƙi da tarihin ma'aikata ba su shiga, ko da sun cinye rabin taron, kuma labari ba ya bin tsarin da aka yi magana: abin da aka faɗa a minti na 50 yana iya zama jimlar farko.

Kowace magana da kuka zaɓa, ku koma mintinta ku saurara daga farkon tambayar, ku kuma wuce ƙarshen amsar har sai wani ya karɓi makirfo. Jami'ai sun saba ajiye "amma" da "idan" da "sai dai" a wutsiyar magana, bayan sun ja numfashi, wurin da mai gaggawa yake zaton an gama. Haka nan wajen yanka murya: guntun da za a sa a iska yakan kasance daƙiƙa 20 zuwa 30, kuma idan sharaɗin bai shiga cikinsa ba, wajibi ne ku faɗe shi da bakinku nan take bayan muryar. Kada ku ɗinke rabin amsar wata tambaya da rabin amsar wata ku mayar da su jimla ɗaya, ko da kowane rabi shi ya faɗa, domin abin da ya fito bai taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Kalmar da kuke jingina magana da ita ma hukunci ce. "Ya ce" da "in ji shi" ba su ɗauki ɓangare ba, kuma babu laifi a maimaita su. "Ya tabbatar" tana nufin ku ma kun yarda abin gaskiya ne, "ya amsa cewa" ko "ya yarda cewa" tana nuna kamar da yana ɓoyewa, "ya yi iƙirari" da "wai" kuwa suna shaida wa mai sauraro cewa kuna shakka. A labarin Tawa, "ya tabbatar" ce ta mayar da tambayar ɗan jarida ta zama sanarwar hukuma. Idan mutum ya kauce wa tambaya, ku ce an tambaye shi kaza bai amsa ba. Wannan ma labari ne, kuma shiru ba amincewa ba ce ba kuma musantawa ba. A rediyo ku sa suna kafin magana, domin mai sauraro ba ya iya komawa baya, kuma in masu magana sun fi ɗaya, ku maimaita muƙami duk sanda kuka sauya mutum, kada ku bar "ya ƙara da cewa" ta ɗauko maganar na biyu ta kai wa na farko.

A ƙasarmu akwai ƙarin nauyi, domin sau da yawa da Faransanci ake magana, mu kuma da Hausa ko Zabarmanci muke ba da labari. Abin da kuka fassara ya riga ya bi ta bakinku, don haka ni na fi son a ba da shi a fakaice, a bar alamar ɗauko magana ga jimlar da aka saurara aka sake saurara, aka kuma fassara ta ba ragi ba ƙari. Ku lura sosai da inda jami'i ya yi amfani da sigar da ke nuna abu mai yiwuwa ne ko ji aka yi, kada ta koma "za a yi" a Hausa. Ku lura da kuɗi kuma. Jami'i yana ƙidaya da sefa, manomi yana ƙidaya da dala, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. A ce shugaban manoma ya ambaci buhu a dala dubu uku, sefa 15,000 yake nufi, wato jikka 15. In kuka rubuta dubu uku kawai, kun zaftare farashin zuwa kashi ɗaya cikin biyar, kun kuma jingina masa. Ku zaɓi ƙidaya ɗaya a cikin rahoto, ku faɗi sunanta a kowane adadi.

Kafin ku miƙa wa edita, ku rubuta minti a gefen kowace jimla mai "ya ce", sannan ku kunna wuraren ɗaya bayan ɗaya kuna bin rubutun da ido. Jimlar da kuka kasa samo mintinta, daga kanku ta fito ko daga hirar da aka yi a bakin ƙofa bayan taro, kuma ba ta da hurumin shiga a matsayin abin da aka faɗa a taron. Idan murya ta rikice muku tsakanin mutum biyu, ko hayaniya ta danne adadi, ku kira mai hulɗa da ƴan jarida na wurin ku karanta masa jimlar kaɗai, ba labarin duka ba, ko ku nemi abokin aikin da ya ɗauki bidiyo. In hakan bai samu ba kafin lokacin labarai, a cire jimlar. Ku ajiye asalin muryar ba tare da yanka ba, da kwanan wata da wurin taro a sunanta, domin ranar da aka zo da ƙorafi ita za a kunna. Idan kuma ta nuna ku ne da kuskure, a yi gyara a shirin da aka yi kuskuren, a faɗi abin da aka ce da farko, a faɗi wanda ya yi maganar a zahiri, da cikakken abin da ya ce har da sharaɗinsa.